Dattijo da Hanyar Kasuwa: Abin da Saurin Tafiya Yake Nunawa Game da Lafiyar Tsoho

Saurin tafiyar mutum a ƙasa, wato nisan da yake ci cikin wani lokaci idan yana tafiyarsa ta yau da kullum ba tare da gaggawa ba, yana cikin abubuwan da likitocin tsofaffi suke aunawa don gane halin da jiki yake ciki. Ana bayyana shi da yawan mitocin da mutum yake ci a daƙiƙa ɗaya. Baligi mai ƙoshin lafiya yakan yi tsakanin mita 1.2 da mita 1.4 a daƙiƙa. Wannan adadi yana raguwa a hankali idan shekaru suka ja, musamman bayan an haura 60, amma yadda yake raguwa ya bambanta ƙwarai tsakanin tsoho da tsoho. A cikin wannan bambancin ne ma'aunin yake da amfani. Awonsa ba ya buƙatar allura ko na'ura, illa agogo da hanyar da aka san tsawonta.

Za a fi gane yadda abin yake ta hanyar misali. A ɗauki wani dattijo mai shekara 72, mai rumfar hatsi a kasuwar garinsu, wanda ya shafe shekaru yana tafiya kasuwa a ƙafa kowace safiya bayan ya karya kumallo. Ba ya kukan wani ciwo in ban da gwiwa da takan dame shi lokacin sanyi. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne, a da yakan riga maƙwabcinsa buɗe rumfa, amma yanzu sau da yawa yakan tarar har an baje kaya, alhali bai sauya lokacin fitowa daga gida ba. Sai ya fara duba agogon hannunsa a ƙofar gida, ya sake dubawa a bakin rumfa, yana rubuta mintocin a bangon baya na littafin da yake rubuta bashi.

Mintoci kaɗai ba sa ba da sauri sai an san tsawon hanya. Jikansa ɗan makaranta ya aro tef ɗin awo daga wani magini, aka sa dattijon ya yi taku 20 irin tafiyarsa ta kullum a ƙofar gida, aka auna aka samu mita 13. Ke nan kowane taku nasa santimita 65 ne. Washegari ya ƙirga takunsa daga gida har rumfa, yana jan ƙwayar carbi ɗaya duk sa'ad da ya cika ɗari don kada lissafi ya ɓace masa, ya samu taku 1,385. Idan aka ninka wannan da santimita 65 za a samu kimanin mita 900. Ana iya tabbatar da wannan adadi da mitar babur ko da taswirar waya, kuma ya kamata a yi hakan, domin awon taku yana da kuskurensa. Muhimmin abu shi ne a auna hanyar sau ɗaya a riƙe adadin. Idan aka ce kullum da taku za a riƙa auna nisa, lissafin zai rikice, saboda tsawon takun kansa yana cikin abubuwan da suke sauyawa idan jiki ya sauya.

Lissafin sauri kuwa mai sauƙi ne: a mayar da mintoci daƙiƙoƙi, a raba tsawon hanya da su. Ranar da dattijon ya yi minti 15, wato daƙiƙa 900, a kan hanyar mita 900, saurinsa mita 1 ne cif a daƙiƙa. Da a ce minti 18 ya yi, wato daƙiƙa 1,080, da saurin ya zama mita 0.83. Minti 20 kuwa zai ba da mita 0.75. Mintuna uku ko biyar ba wani abu ba ne ga mai zuwa kasuwa, amma a ma'aunin likita tazara ce babba.

Makonni biyu na farko sun ba shi lambobi masu tsalle-tsalle: yau 15, gobe 22, jibi 17. Dalilin ba ya cikin jikinsa. Dattijo irinsa ba ya wuce majalisa bai tsaya an gaisa ba, an tambayi iyali da gajiya da kwanan gida, kuma gaisuwa biyu ko uku sun isa su cinye minti biyar. Akwai kuma tsayuwar jiran motoci da 'yan acaɓa kafin a tsallaka titi. Ba wanda zai ce wa dattijo ya daina gaisuwa don agogo. Abin da ya yi shi ne, ya riƙa sa alama a kan ranakun da ya tsaya, ya fitar da su daga lissafi, kuma a ƙarshen kowane mako ya jera lambobin da suka rage daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya. Wannan dabara ta fi tara lambobi a raba, domin rana guda da ta lalace ba ta iya jan sakamakon mako duka. Da haka ya gano cewa lokacinsa na asali minti 15 ne.

Ban da tsayuwa, akwai wasu abubuwan da suke canza lokaci ba tare da lafiya ta canza ba. Zafin bazara yana rage sauri, haka taɓon damina da yashi mai zurfi, haka ɗaukar kaya a hannu. Silifas mai santsi yana sa mutum taƙaita taku fiye da takalmin da ya kama ƙafa. Watan azumi yana da nasa lissafin daban. Saboda haka ana gwada safiya da safiya, hanya ɗaya, takalmi ɗaya, kuma ba a yanke hukunci da rana ɗaya ko mako ɗaya. Akwai kuma wani tarko da yake kama kusan duk wanda ya fara duba agogo: sanin cewa ana awo yana sa mutum ƙara sauri ba tare da ya yi niyya ba. Abin da ake son aunawa ita ce tafiyar da jiki yake zaɓar wa kansa. Wanda ya mayar da abin tsere ya ɓata awon, kuma yana iya faɗuwa.

A asibiti ba a auna hanya mai tsawo haka. Gwajin da aka fi yi na mita 4 ne a kan daɓe mai laushin tafiya: a ja layi biyu, a ce wa tsoho ya yi tafiyarsa yadda ya saba, a danna agogo, yawanci sau biyu. Wanda yake amfani da sanda yakan riƙe sandarsa, sai a rubuta cewa da sanda aka yi. Wanda ya ci mita 4 cikin daƙiƙa 4 yana yin mita 1 a daƙiƙa, wanda ya yi daƙiƙa 5 yana yin mita 0.8, wanda ya kusa daƙiƙa 7 kuwa ya sauka wajen mita 0.6. Duk iyakokin da likitoci suke magana a kansu daga irin wannan gajeren gwaji aka samo su, don haka lambar hanyar kasuwa ba ta yin daidai da su sak. Hanyar kasuwa tana da gargada da cunkoso, kuma tana gwada juriya ban da sauri. Amfaninta yana wajen gwada mutum da kansa, watan jiya da watan yau. Mai son gwada kansa da iyakokin likitoci sai ya auna mita 4 a tsakar gida, wani ya riƙe masa agogon waya.

Binciken da ya fi fito da wannan ma'auni fili shi ne wanda Dakta Stephanie Studenski ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta suka buga a mujallar likitoci ta JAMA a shekarar 2011. Sun haɗa bayanan bincike tara da suka ƙunshi mutum 34,485 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka auna saurin tafiyarsu kuma aka bi diddiginsu na shekaru. Sun samu cewa masu tafiya kusan mita 0.8 a daƙiƙa sun rayu gwargwadon abin da aka saba gani ga masu shekarunsu da jinsinsu. Masu yin mita 1 ko fiye sun fi haka daɗewa, waɗanda kuma suka gaza mita 0.6 sun fi fuskantar haɗarin mutuwa da wuri. Kwamitin ƙwararru na Turai a kan zaizayewar tsokar tsofaffi shi ma ya ɗauki mita 0.8 ko ƙasa da haka a matsayin alamar cewa raunin jiki ya yi tsanani.

Wajibi ne a fahimci waɗannan lambobi yadda suke. Bayani ne a kan taron mutane dubbai, kuma ba su faɗin kwanan mutum guda. Akwai masu tafiya a hankali da suka kai 90, akwai masu sauri da ciwo ya ɗauke su farat ɗaya. Yawancin mutanen da aka yi binciken a kansu kuma a Amurka da Turai suke, kuma tsawon ƙafa da irin aikin da mutum ya tashi da shi suna da tasiri a kan sauri. Gajeren mutum yana iya zama mai ƙoshin lafiya da lambar da za ta zama abin damuwa ga dogo. Shi ya sa sauyin da ake gani a jikin mutum ɗaya ya fi lamba guda ɗaya muhimmanci. Masu bincike sun nuna cewa raguwar mita 0.05 a daƙiƙa ƙaramin sauyi ne amma na gaske, raguwar mita 0.1 kuwa sauyi ne babba da ya cancanci a nemi dalilinsa.

Dalilin da ya sa tafiya take ɗauke da labari haka shi ne yawan sassan jikin da suke aiki a cikinta. Zuciya da huhu su kai iska ga tsoka, jini ya ɗauki iskar, tsokar cinya da ta sha-raɓa su tura jiki gaba, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe ba tare da zafi ba, jijiyoyin tafin ƙafa su ji ƙasa, ido da kunnen ciki su tsare daidaito, ƙwaƙwalwa ta haɗa dukan wannan a lokaci ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ya fara gazawa, jiki yakan rage sauri da kansa don ya tanadi ƙarfi ko ya kauce wa faɗuwa, kuma sau da yawa hakan yana faruwa kafin mutum ya ji wani abin da zai kira ciwo. Sauri abu biyu ne a haɗe, tsawon taku da yawan taku a minti. A wajen tsofaffi tsawon takun ne ya fi raguwa, shi ya sa ƙirga taku lokaci-lokaci yake ƙara haske a kan abin da agogo ya nuna.

A nan ne labarin dattijon ya ɗauki wata hanya. Bayan wata uku lambarsa ta tsakiya ta tashi daga minti 15 zuwa 16, sannan 17, sannan 18, kuma ba ta sake komawa baya ba ko da sanyin safiya. Saurinsa ya sauka daga mita 1 zuwa 0.83, raguwar da ta wuce mita 0.1 nesa. Da ya sake ƙirga taku ya samu kusan 1,550 a hanyar da da take cin 1,385, wato takunsa ya ragu daga santimita 65 zuwa 58. Ya kuma lura cewa a ɗan hawan da yake kusa da kasuwa yana haki, har yakan tsaya kamar mai gyara takalmi don numfashi ya dawo. Shi da mutanen gidansa duk sun ɗauka tsufa ne. Amma tsufa kaɗai ba ya cinye kashi ɗaya cikin shida na saurin mutum a wata uku. Ragin da yake kawowa na shekaru ne, kaɗan-kaɗan. Raguwa mai sauri irin wannan tana nuna cewa wani abu ne ya shigo.

Ɗansa ya kai shi asibiti da littafin a hannu. Likita ya duba cikin fatar idonsa ya ga ta yi fari, ya tambaye shi irin magungunan da yake sha. Sai ya bayyana cewa tun shigowar hunturu yake sayen maganin ciwon gwiwa a kemis, diklofenak, yana sha kusan kullum, wani lokaci kafin ya ci abinci. Da aka tambaye shi launin bayan gidansa ya ce ya ɗan jima yana ganinsa baƙi. Gwajin jini ya nuna sinadarin himogulobin ɗinsa giram 9.5 ne a kowace desilita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar abin da ya gaza 13 ga namiji baligi a matsayin ƙarancin jini. Magunguna irin su diklofenak da ibufurofen suna iya cin bangon ciki su haddasa gyambo mai tsiyayar jini a hankali, kuma tsofaffi sun fi kowa shiga wannan haɗari. Jinin da yake zuba kaɗan-kaɗan ba ya ba da tsoro, sai dai yana rage iskar da take isa ga tsoka, mutum ya riƙa gajiya da haki, takunsa ya gajarce.

An dakatar da maganin, aka ba shi mai rage tsamin ciki da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, aka kuma tura shi a duba cikinsa da na'ura. Wannan mataki na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba, domin ƙarancin jini a jikin tsoho yana buƙatar a gano inda jinin yake zuba, tun da ciwon daji na ciki ko na hanji ma yana iya fara nuna kansa ta wannan hanya. Shan maganin ƙarin jini ba tare da bincike ba yana iya gyara lambar ya ɓoye cutar.

Ƙarancin jini ɗaya ne kawai daga cikin dalilai, kuma yadda tafiya ta lalace yakan nuna inda za a duba. Wanda yake jin ciwo a sha-raɓa bayan ya yi wani nisa, ciwon ya lafa idan ya tsaya, ya dawo idan ya ci gaba, ana zargin toshewar hanyoyin jinin ƙafa, abin da ya fi samun masu shan taba da masu ciwon suga. Haki tare da kumburin ƙafa da kasa kwanciya ba matashi mai tudu yana nuna gazawar zuciya, wadda hawan jinin da ba a kula da shi ba yake yawan jawowa. Mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya mutu yakan yi tafiya yana kallon ƙasa, ƙafafu a wawware. Gajerun taku masu jan ƙasa, da hannun da ya daina lilo, da rawar hannu idan ana zaune, alamu ne na cutar Parkinson. Yanar ido, magungunan barci, da baƙin ciki mai tsanani bayan rashin abokin zama duk suna rage sauri, kuma raguwar sauri takan riga mantuwar tsufa bayyana a wasu mutane. Akwai kuma alamun da ba a jiran agogo a kansu: ciwon ƙirji ko nauyinsa yayin tafiya, suma, raunin ɓarin jiki ɗaya farat ɗaya, karkacewar baki ko sarƙewar magana. Waɗannan na zuwa asibiti ne nan take.

Tambayar da takan biyo baya ita ce ko mutum zai ƙara kwana idan ya tilasta wa kansa sauri. Binciken da aka ambata bai nuna haka ba, domin ya kalli mutane ne yadda suke, bai gwada sauya tafiyarsu ba. Saurin tafiya kamar ma'aunin zafin jiki yake: sanyaya ma'aunin ba ya sauke zazzaɓi. Abin da aka tabbatar shi ne motsa jiki yana gyara abubuwan da suke ƙarƙashin saurin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaito aƙalla kwana uku don rage faɗuwa. Matsakaici yana nufin mutum ya ji numfashinsa ya ɗan ƙaru amma yana iya magana. Dattijon da yake zuwa kasuwa ya dawo a ƙafa, minti 15 kowace tafiya, kwana shida a mako, ya riga ya samu minti 180. Abin da tafiyar ba ta ba shi sosai shi ne ƙarfin cinya.

Saboda haka ma'aikacin gashin ƙashi ya koya masa tashi daga kujera da zama ba tare da dafa hannu ba, sau goma, a huta, a sake, da ɗaga dugadugai yana riƙe da bango, da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa. Tashi daga kujera shi kansa gwaji ne: wanda ya wuce daƙiƙa 15 kafin ya tashi ya zauna sau biyar ana ɗaukar cewa ƙarfin ƙafarsa ya ragu. Ƙarfafa tsokar cinya yana kuma rage ciwon gwiwar da ya kai shi ga kemis tun farko. An shawarce shi ya kula da abinci mai gina jiki, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nono, domin tsoho mai rayuwa a kan koko da tuwo kaɗai yana rasa tsoka ko da yana tafiya kullum.

Bayan wata huɗu jininsa ya dawo daidai, lokacinsa ya sauka zuwa minti 16, wato kusan mita 0.94 a daƙiƙa. Bai koma 15 ba, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, domin tsokar da tsoho ya rasa lokacin rashin lafiya ba ta dawowa duka cikin sauƙi. Minti 16 ya zama sabon ma'auninsa. Ya daina duba agogo kullum, ya koma mako guda a farkon kowane wata, yana ƙirga taku sau ɗaya a cikin makon, kuma likita ya ce ya dawo idan lambar tsakiya ta kai minti 18 wata biyu a jere, ko kafin haka idan haki ko baƙin bayan gida ya sake bayyana.